«Kowane Lokaci» Ba Amsa Ba Ce

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a takardun matasan da ke neman aiki daga nesa da kamfanonin ƙasashen waje. Wasu kan rubuta cewa ana samun su a kowane lokaci, wasu su ce agogon kowace ƙasa ya yi musu, masu gaggawa kuma su danna 24/7 su wuce. Masu shirya bita ta kuɗi a intanet ne suka fi yaɗa ta, suna cewa alama ce ta himma. Ƙarya ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, kuma mai ɗaukar aiki ya san ƙarya ce tun kafin ya kai ƙarshen layin, domin shi ma ɗan Adam ne, yana barci.

Abin da kamfani ke tambaya a fili yake. Yana so ya san awa nawa ne a rana sabon ma'aikaci zai kasance a farke, a gaban kwamfuta, daidai lokacin da sauran abokan aikinsa suke bakin aiki. Tambayar lissafi ce, amsarta kuma lamba ce. Wanda ya amsa ta da alkawari ya nuna ko dai bai yi lissafin ba, ko kuma ya yi yana ɓoye abin da ya samu.

A ɗauki misalin wata matashiya a Kano da ke neman aikin amsa koken abokan ciniki a wani kamfanin New York, wanda ya sharɗanta awa huɗu na aiki tare. Agogon Najeriya da Nijar shi ne WAT, wato UTC+1, kuma ba ya motsi duk shekara. Na New York yana motsi. Daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a watan Nuwamba, tazarar da ke tsakanin biranen biyu awa biyar ce. A sauran watannin ta koma shida. Idan aka buɗe ofis ƙarfe tara na safe a can, a Kano ƙarfe biyu ne na rana a watan Yuli, ƙarfe uku kuma a watan Disamba. In ta yanke cewa za ta yi aiki daga sha ɗaya na safe zuwa bakwai na yamma, tana da awa biyar tare da su a Yuli, huɗu cif a Disamba. Ta cika sharaɗin, kuma layi biyu sun ishe ta ta nuna hakan:

```
Kano, Nigeria (WAT, UTC+1)
11:00–19:00 WAT = 10:00–18:00 UTC
```

Sai ta ƙara jimla ɗaya da ke faɗin awannin haɗuwar a kowane ɓangare na shekara. A nan ne kuma ya kamata ta faɗi abin da mutane da yawa ke jin kunyar faɗa: a Disamba magariba na faɗowa cikin waɗannan awanni huɗu, don haka za ta tashi na ɗan lokaci, kuma a watan azumi za ta nemi a daidaita lokacin buɗa-baki. Namiji ya ƙara da sallar Juma'a. Kamfanin da ke da ma'aikata a nahiyoyi uku ya saba da irin wannan bayani. Abin da ba ya yafewa shi ne a ɓace masa ana tsakiyar taro ba tare da an taɓa sanar da shi ba.

Da kamfanin a San Francisco yake, da labari ya sha bamban. Tara na safe a can biyar ce ta yamma a Kano a watan Yuli, shida a Disamba, kuma ba a tashi aiki sai ɗaya ko biyu na dare. Mai cewa «kowane lokaci» ya sa hannu kan wannan bai sani ba. Zai jure mako biyu, wataƙila wata guda, daga nan amsoshinsa su fara jinkiri, kurakurai su yawaita, a sallame shi da sunan rashin ƙwazo, alhali barci ne ya karɓi bashinsa.

Masu kare jimlar suna da hujja, kuma ba a raina ta ba. Sun ce gasa ta yi tsanani, mutane da dama na neman gurbi ɗaya, wanda ya gindaya iyaka shi za a fara jefarwa. Gaskiya ne, wasu kamfanonin za su jefar da shi. Amma waɗannan su ne daidai kamfanonin da ba zai iya zama da su ba. Sannan hujjar ta manta da wata riba babba da mutanen wannan yanki ke binnewa da hannunsu. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Kano da na Landan ɗaya ne. A sauran watannin, na Kano da na Berlin ɗaya ne. Tazarar ba ta taɓa wuce awa guda da ko wanne daga cikinsu. Mai nema daga Manila ko Bogota ba shi da wannan. Wanda ya rubuta UTC+1 ya aje ta a gaban mai karatu. Wanda ya rubuta 24/7 ya mai da kansa ɗaya daga cikin dubu.

Irin wannan lalaci ne ke bin bayanin ƙwarewa. A rubuta sunan aiki, a liƙa masa kalmar Remote, a jera Slack da Zoom da Trello, a ɗauka an gama. Iya buɗe manhaja ba ƙwarewa ba ce, kamar yadda mallakar garma ba ta mai da mutum manomi. Mai karatu yana neman ya ga yadda aiki ya gudana sa'ad da babu mai tsaye a kan ma'aikaci: ina abokan aikin suke, awa nawa ne tsakani, ta yaya ake miƙa aiki idan wannan zai kwanta wancan yana tashi. Jimlar da ta ce an yi shekara guda ana aiki da mutum huɗu a Nairobi da Landan, ana barin rahoto a rubuce kowace yamma domin a ci gaba ba sai an kira taro ba, ta fi jerin manhajoji goma nauyi. Wanda kuma bai taɓa yin aiki daga nesa ba, kada ya ƙirƙira. Tambaya biyu a hirar ɗaukar aiki sun isa su tona shi. Ya faɗi abin da ya yi mai kama da shi, ko da fassara ce ya riƙa yi wa wani a Legas ta imel.

Batun wuta ma haka. Mai ɗaukar aiki ya riga ya ji labari, shiru ba zai mantar da shi ba. A gaya masa awa nawa batir ke ɗauka idan an ɗauke wuta, da cewa akwai layin intanet na biyu daga wani kamfani daban.

Saura wani tarko da ke kama har waɗanda suka yi lissafi. Amurka da Turai ba sa sauya agogo rana ɗaya. A 2025 Amurka ta sauya ranar 9 ga Maris, Turai sai 30 ga Maris. A waɗannan makonni uku, taron da aka ɗora kan agogon New York yana matsowa gaba da awa guda a Kano, wanda aka ɗora kan na Landan kuwa yana nan inda yake. Mai rubuta EST a watan Yuli ma ya yi kuskuren awa guda, domin a lokacin EDT ake bi; ET ta wadatar a duk shekara. Idan an aiko da lokacin hira, mai nema ya mayar da amsa da lokacin a agogo biyu, nasu da nasa, ya nemi a tabbatar.