Fiyawata ba maganin buguwar kai ba ne

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku 'yan sashen wasanni da kiwon lafiya. Yau da ku nake, kuma ba da wasa na zo ba.

Lokacin da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata sakandare ta wajen Fika, an yi wasan intahaus. Aka bugo kwana, yara biyu suka tashi hedin, kai ya haɗu da kai. Ɗaya ya dafe goshi ya ci gaba. Ɗayan ya ɗan jima a ƙasa, ya miƙe yana tangaɗi, ya nufi ragar gidansu. 'Yan kallo sai dariya. Koci ya fasa masa fiyawata biyu a ka, ya ce "kai ba namiji ba ne? Koma ciki!" Wallahi ina wurin, ban ce uffan ba, don ni ma ban san komai ba. Bayan magariba yaron ya fara amai, sai a cikin dare aka nemi mota zuwa asibiti a Potiskum. Allah Ya sa da sauran kwana.

Ban ga laifin kocin sosai ba. Usur da ƙwallo aka miƙa masa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga yadda girgizar ƙwaƙwalwa take. Laifin na tsarin da ke haddace mana tsawo da faɗin fili ne, amma ya yaye mu ba mu san abin yi ba in ɗan mutane ya faɗi a cikinsa.

Babban kuskurenmu shi ne jiran suma. Mafi yawan masu girgizar ƙwaƙwalwa ba sa suma sam, jini ma ba lallai ya fito ba, ƙwaƙwalwar ce ta jijjigu a cikin ƙoƙon kai. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a ka, ya ci gaba da wasa kusan minti goma sha biyar, har ya je yana tambayar alƙalin wasa wai ko wannan ne wasan ƙarshe. Wannan fa gaban likitoci ne. To ina ga filin makarantarmu?

Abin da ya kamata kocin nan ya yi bai kai minti biyu ba. Tangaɗin kaɗai ya isa a fitar da yaro. In ana kokwanto, a tambaye shi: a wane fili muke? Kafin hutun rabin lokaci ne ko bayansa? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe? Ya kuskure ɗaya, ya fita. Ko ya amsa duka, in yana jin jiri, ciwon kai ko gani dishi-dishi, ya fita. Kuma ba ya komawa a ranar, ko ya yi kuka, ko shi ne kyaftin. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwar da ba ta warware ba in ta sake buguwa tana iya kumbura, kuma yara sun fi manya shiga wannan haɗari.

Wanda bai tashi ba, ko yake kukan wuya, don Allah a daina cicciɓarsa hannu da ƙafa kamar buhun wake. In ƙashin wuya ya taɓu, ɗaukar ce za ta shanye masa jiki. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan yadda yake, a duba numfashi. Ba cusa cokali a baki, ba ɗura ruwa. Suma, maimaita amai, farfaɗiya, ciwon kai mai ƙaruwa, mutuwar hannu ko ƙafa, barcin da ke rinjayarsa: kowanne ɗaya asibiti ne nan take. Jini na iya taruwa a hankali cikin kai, yaro na hira lafiya lau, bayan 'yan awanni ya kife. Shi ya sa ba a barinsa shi kaɗai a daren, kuma dole a gaya wa iyayensa abin da za su lura da shi.

Na san wani zai ce ai ƙaddara ce, mu ma haka muka taso. To waɗanda ba su tashi ba ai ba su nan balle su yi mana kwament. Wani kuma zai ce babu kayan aiki. Wane kaya tambaya uku take buƙata? Tun Yulin 2024 dokar ƙwallo ta yarda gasa ta ba da ƙarin canji saboda buguwar kai, mu kuwa har yau muna lissafin canji nawa ya rage mana.

Ga kwalejin ilimi ta tarayya nan a Potiskum, ga ma'aikatan jinya a Fika. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai da ke tara kuɗin walimar yaye ɗalibai su ware wuni guda kafin intahaus mai zuwa, a gayyato malaman wasanni, a kwantar da mutum a ƙasa kowa ya gwada riƙe wuya da hannunsa. Kowane koci ya tafi da lambar direban da zai kira, da sunan asibitin da zai nufa.