Kawu bai ga abin da kake nema ba

Duk wanda ya taɓa aika wa babba dogon saƙo a WhatsApp ya san amsar da ke dawowa: "To, Allah Ya taimaka." Sai ka zauna kana jin haushi, alhali mutumin bai ƙi ka ba. Bai kai inda ka binne buƙatarka ba ne.

Mu ɗauki misali. Ɗalibin aji shida ne a Jahun, zai yi rajistar JAMB ranar Alhamis a wata cibiya a Dutse, kuma naira dubu biyar ta rage masa. Sai ya rubuta wa kawunsa da ke aiki a sakatariya. Sakin layi na farko gaisuwa ce: ya aiki, ya iyali, ya su Inna, ya sanyi. Na biyu labarin yadda damina ba ta yi wa Baba kyau ba. Na uku yadda abokansa duk sun yi rajista, da burinsa na shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse. Can ƙasa, a sakin layi na huɗu, ya ce "shi ne na ce ko da wani abu da za a iya yi." Bai faɗi nawa ba, bai faɗi rana ba.

Kawu yana ofis, waya ta yi ƙara. Abin da ya fito a saman fuskar wayar layi ɗaya ne ko biyu, kuma duk gaisuwa ce. Zai ce bari sai an tashi. Ko da ya buɗe daga baya, "wani abu" ba adadi ba ne, don haka babu abin da zai yanke shawara a kai.

Gyaran yana farawa da tambaya ɗaya: in Kawu jimla ɗaya kawai zai karanta, wacce kake so ta zama? Nemo ta a cikin abin da ka rubuta. Yawanci tana ƙarshe, domin sai mutum ya gama kewaye-kewaye yake samun ƙarfin halin faɗin abin da ya kawo shi. Ɗauko ta ka kai sama, ka cusa mata abu uku: me kake so, nawa, yaushe. Daga nan ka bi sauran jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Wadda za ka cire ba tare da shawarar Kawu ta canja ba, cire ta. Labarin abokai ya tafi. Labarin damina ma ya tafi, ai ya fi ka sanin halin gidan. Amma cewa Baba ya ba da sauran kuɗin ta tsaya, domin ita ce ke nuna masa ciko ake nema, ba dukkan nauyin ba. Ga abin da ya rage:

"Assalamu alaikum Kawu, ina wuni? Ina neman taimakon N5,000 don cikon kuɗin rajistar JAMB, ranar Alhamis zan je cibiya a Dutse. Baba ya ba da sauran. Na gode."

Na san abin da wasunku za su ce: wannan ai rashin kunya ce, daga sallama sai roƙo. Ni ban ga haka ba. Gaisuwar tana nan, an rage mata tsawo ne kawai. Doguwar gaisuwa ta baki ce, inda ake tambaya ana amsawa. A rubuce kuwa, tambaya biyar a jere babu mai amsa su. In kana jin nauyi, kira shi da yamma ku gaisa sosai, saƙon ya zama abin da zai duba lokacin tura kuɗi.

In ta SMS za ka aika, akwai wani dalilin kuma. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, har da tazara da alamomi. Amma da zarar ka sa ɓ, ɗ ko ƙ ko guda ɗaya, wayar kan koma wani tsarin rubutu da ke ɗaukar 70 kacal. Saƙon nan na sama harafi 157 ne. Da "kudin" mara ƙugiya, saƙo ɗaya ne. Da ɗ, ya zama uku, kuma kuɗin uku za a cire maka. Alamar ₦ ma haka take yi, shi ya sa na rubuta N.

Ana kuma iya wuce gona da iri. "Kawu a turo 5k" gajere ne, amma babu dalili, babu rana, babu ladabi. Hanyar ganewa ita ce ka ba wani ɗan ajinku ya karanta sau ɗaya, ka karɓe wayar, ka tambaye shi me ake nema kuma yaushe. In ya yi jim, da sauran aiki. In kuma da wayar wani ka aika, sa sunanka nan da nan bayan sallama, don kada Kawu ya ɗauka 'yan damfara ne.