IDO BA MUDU BA: Gashinta ne ko hular gashi ce?

Daga shagunan ɗaukar hoto na Kazaure har zuwa majalisun 'yan kallo a Babura, Roni da Gwiwa, da zarar sabuwar fosta ta fito sai gardama ta kaure: wannan gashin da ya leƙo ta ƙarƙashin ɗankwalin jaruma, nata ne ko na kanti?

Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 ake sa ido kan shigar 'yan wasa mata, don haka akasari kai a rufe yake. Abin da kawai ake gani shi ne bakin goshi, kuma a nan ne asirin yake tonuwa.

Ita dai hular gashi mai leshi, wata siririyar raga ce ake ƙulla gashi a jikinta sili-sili, sannan a manna ta a goshi da gam. To a ɗauki hoton amarya guda, wanda aka ɗauka da daddare da hasken kyamara, a buɗe shi sosai a waya.

Da farko a dubi layin da gashin ya faro. Gashin Allah ba ya farawa da cika. Yana somawa ne tsilli-tsilli, a ɗan karkace, sannan ya yi kauri. Idan layin ya miƙe sambal kamar an ja shi da rula, kuma baƙi wuluk tun daga bakinsa, to mai kwalliya ba ta tsittsige gaban hular ba. Haka idan ya sauko ƙasa. Ma'aunin masu sana'ar shi ne kamar yatsu huɗu daga gira.

Sai launi. Idan ragar ta fi fatar haske, za a ga wani zirin toka-toka ya zagaye goshin. Idan kuma gam ya yi yawa, ko bai bushe ba aka manna, wurin zai riƙa ƙyalli alhali sauran fuskar ta sha hoda. A cikin tsagar kuwa, ɗige-ɗige baƙaƙe a jere su ne ƙulle-ƙullen da ba a dusar da launinsu ba.

Amma fa a yi hattara. Hoton da ya sha yawo a WhatsApp ya riga ya dushe, filta kuma na shafe komai, don haka ba a yanke hukunci da su. Hasken rana ne alƙali.

Shi ya sa mai kwalliyar da ta san aikinta take ɗaukar hoton gwaji biyu, ɗaya a tsakar gida, ɗaya da hasken kyamara, kafin jaruma ko amarya ta fita. Idan an buga fosta ko kalandar biki, ai bakin alƙalami ya bushe: kuɗi sun tafi, sai tsegumi.