Man gyaɗa ɗaya, talla uku

A watan jiya ƙungiyarmu ta tatsi man gyaɗa mai yawa, muka ce bari mu tallata shi ta waya. Sakatariyarmu ta zauna ta rubuta bayani mai kyau, sannan muka kwafe shi yadda yake muka zuba ko'ina: a Marketplace na Facebook, a sitatus na WhatsApp, har a saƙon SMS. A wuri ɗaya kawai ya zauna daidai.

Wanda ke duba Marketplace bai san mu ba. Watakila yana Yamai, bai taɓa ɗanɗana manmu ba, don haka duk abin da zai tambaya da yana gaban tirenmu sai mu amsa masa tun bai tambaya ba. Ga abin da muka sa:

"Man gyaɗa na gida, ba gauraye da wani mai ba. Matan ƙungiyarmu ne suka soya gyaɗar suka tatsa a wannan satin. Litar ɗaya 1500F, bido na litar biyar 7000F. Muna Maraɗi. Muna aikawa Yamai da Damagaram ta mota, kuɗin mota na mai saye ne. Ana biya kafin a ɗora kaya."

Ku lura, babu "ƴar uwa", babu raha. Baƙo ake yi wa magana, kuma abin da ke kwantar masa da hankali shi ne awo da kuɗi a fili. A kan suna kuma muka rubuta "Man gyaɗa litar 5, Maraɗi". Da farko "Kaya mai kyau ya iso" muka sa, alhali ba mai neman mai da zai rubuta wannan a wurin bincike.

Sitatus wani gida ne daban. Masu ganinsa su ne waɗanda muke da lambar juna: maƙwabta, dangi, matan biki. Sun san inda muke, sun san hannunmu. Ga shi kuma yatsa na kan waya, ana wucewa da sauri, bayan awa 24 ya ɓace. Da muka zuba dogon bayanin nan, rubutun ya ƙanƙance, wata dattijuwarmu ta ce ita tururuwa kawai ta gani. Sai muka ɗauki hoton kwalbar a hasken safe, muka rubuta a ƙasa: "Sabon mai ya fito yau! Litar 1500F. Saura bido huɗu, a yi maza." A nan ana iya yin magana kamar a tsakar gida.

Amma wajen ragewa akwai tarko, kuma mun faɗa. Ran farko mun yanke kalmar "litar", muka bar hoton bido da 1500F. Wata baiwar Allah ta aiko yaro da jika ɗaya da rabi, a ba shi bido. Sai da muka je har gida ba da haƙuri. Tun daga nan muka ajiye doka: a yanke gaisuwa, a yanke labarin yadda aka tatsa, amma sunan kaya da awo da kuɗi tare suke tafiya.

SMS shi ya fi ba mu mamaki, gashi ba ma iya barinsa, don yawancin masu sayen manmu na ƙauye ƙaramar waya gare su. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. To amma in harafi mai ƙugiya ya shiga, ɗ ko ƙ ko ɓ, ko ɗan hoton murmushin nan, ko guda ɗaya ne, sai ma'aunin ya faɗo zuwa 70. Namu ya kasance haka:

"Man gyada na gida. Litar 1: 1500F. Bido litar 5: 7000F. Muna Maradi, muna aikawa Yamai da Damagaram ta mota. A kira wannan lamba kafin Juma'a."

Haruffa 142 ke nan, saƙo ɗaya. Da muka rubuta "gyaɗa" da ƙugiyarta, sai ya rabu uku, aka ci mana kuɗin uku a kan kowace mace. Mu da muka sha wuya a ajin yaƙi da jahilci kafin mu iya ƙugiyar nan, cire ta ya yi mana ciwo, amma a SMS kaɗai muke cirewa. Sai dai a sake karantawa, don mai tallar "baƙin" abu in ta cire ƙugiya ya koma "bakin". Wayoyi da yawa suna nuna ƴar lamba a gefen wurin rubutu; in kun ga ta nuna 2 ko 3, saƙon ya rabu.

Yanzu dogon bayanin yana cikin littafin sakatariya, daga shi muke yanko sauran. Ranar zubi, in kuɗin gyaɗa ya motsa a kasuwa, a littafin ake fara gyarawa, sannan ta buɗe Marketplace ta canza, don shi ba ya ɓacewa da kansa kamar sitatus.