A auna tukunyar gas kafin a zargi mai girki

Ƙanwata ta zo gidana wata safiyar Asabar, idonta ya yi ja. Ba ta ma gama gaisuwa ba ta ce, "Yaya, yau ma Malam ya ce ni ce nake shanye masa gas. Wai tukunyar da ke yi wa wasu wata ɗaya da rabi, a hannuna ko wata ba ta kaiwa. Har ya fara tambayar ko maƙwabta nake dafa wa abinci." Mijin nata mutumin kirki ne, na san shi tun kafin aurensu. Albashi ne ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma duk ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar tuƙa tuwo, wadda ke tsaye a gaban murhun ita ya fara gani.

Irin wannan faɗa ya yi yawa a gidajenmu tun da gas ya fara korar itace da kananzir daga madafa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, a cikin duk saɓanin da ke shiga tsakanin miji da mata, wannan yana daga cikin 'yan kaɗan da sikeli zai iya raba gardamarsu. Tsawon kwanakin da tukunya za ta yi lissafi ne da ɗan firamare zai iya, in an ba shi lambobi uku: nauyin tukunya da gas a cikinta, nauyinta ba komai a ciki, da abin da murhu ke ci a awa. Wanda bai nemi lambobin nan ba, ina ganin ba shi da hurumin ɗora wa kowa laifi, matarsa ce ko mai sayar da gas.

Lamba ta biyu tana jikin tukunyar, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa duba ta. A kan ƙarfen da ya kewaye bakin tukunya, wurin da ake kamawa a ɗaga, ko a kafaɗarta, masana'anta na buga nauyinta lokacin da ba komai a ciki, galibi bayan haruffan TW ko kalmar TARE. Tukunyar da muke ce wa mai kilo 12.5, gas ɗin da aka yi ta domin ta ɗauka ke nan. Ƙarfen kansa nauyinsa daban, kuma ya bambanta daga wannan masana'anta zuwa waccan. Ta gidan ƙanwata an buga mata 14.2. Ke nan idan an cika ta yadda aka biya, a ɗora ta a sikeli ya kamata a ga 26.7.

Na ce su dakata sai ranar ɗuri na gaba. Ranar, tukunyar ta ƙare ƙaf, na ari sikelin wani mai sayar da hatsi a bakin layi. Muka ɗora ta babu komai, ta ba mu 14.2, daidai da abin da aka buga. Wannan awon na farko ba a tsallake shi, domin shi ke nuna cewa sikelin da rubutun sun yarda da juna, kuma shi ke nuna ko akwai ragowar gas a ciki, wadda bai kamata a sake sayar maka da ita ba. Yaro ya kai ta inda suka saba ɗuri, aka biya kuɗin kilo 12.5 cif. Da ta dawo muka sake ɗora ta, sikeli ya tsaya a 25.2. A cire 14.2, saura 11. Kilo ɗaya da rabi bai shigo gidan ba tun farko, balle a ce wani ya ɓarnatar da shi.

Malam ya daɗe yana kallon allurar sikelin bai ce komai ba. Na ce masa aikin bai ƙare ba, saura abin da murhun ke ci.

Kilo ɗaya na iskar gas yana ɗauke da zafi ƙayyadadde, don haka kan murhu mai ƙarfin kilowat ɗaya yana cin kusan giram 73 a awa idan an buɗe shi gaba ɗaya. Murhuna da yawa suna da ɗan allo a baya ko a ƙasa da aka rubuta wannan, misali 3 kW da 218 g/h. Babban kai irin wannan, in aka ƙure shi, zai cinye kilo 12.5 a cikin awa 57, wato bai kai kwana biyu da rabi ba da za a bar shi yana ci dare da rana. Mutane na mamaki idan suka ji haka, domin a kwanaki muke tunanin gas, alhali shi da awoyi yake tafiya. Sai dai ba mai girki da wuta a ƙure koyaushe, shi ya sa na fi yarda da awon da aka yi a madafar gidan kanta.

Abin da muka yi ba wuya. Na ba ƙanwata takarda da biro, ta liƙa a bangon madafa, duk lokacin da ta kunna ta rubuta, ta kashe ta rubuta. Na ja kunnenta a kan abu ɗaya: idan kai biyu na ci tare na awa ɗaya, awa biyu za ta rubuta, domin kowane kai nasa yake zuƙa. Bayan kwana biyar muka cire regileta kamar yadda muka yi a awon farko, muka ɗora tukunyar. Daga 25.2 ta sauko 22.8, an ƙona kilo 2.4 ke nan. A takarda kuwa awa 15 ne. Raba giram 2,400 gida 15, ka sami giram 160 a awa. Awa uku a rana, giram 480 kullum.

Daga nan sauran lissafin buɗe yake. Kilo 11 da aka zuba musu, a raba shi da giram 480, kwana 23 ne saura kaɗan. Da an cika tukunyar yadda aka biya, da ta yi kwana 26. Mai ɗuri ya ci musu kwana uku a kowane zuwa. Amma ko da an cika ta taf, ba za ta taɓa yin wata ɗaya da rabin da Malam ke tsammani ba. Kafin kilo 12.5 ya kai kwana 45, sai an taƙaita girki zuwa ƙasa da awa biyu a rana, a gida mai mutum bakwai da ake dafa shayi da ruwan wankan yara da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da miya da dare. Wani abokinsa da ke cika baki da wata ɗaya da rabi shi da amaryarsa ne kawai, kuma a wurin aiki yake cin na rana. Ƙanwata ba ta yi almubazzaranci ba. An auna ta ne da mudun gidan da ba irin nata ba.

Ban ce duk mai sayar da gas macuci ba ne. Na san masu ɗora tukunya a sikeli a gaban mai ita, su nuna masa kafin ɗuri da bayansa, Allah ya yi wa kasuwancinsu albarka. Wani kuma sikelinsa ne ya lalace bai sani ba. Amma akwai wata kafa da ya kamata kowa ya sani. Gas a cikin tukunya ruwa ne, kuma lita ɗaya tasa ta ɗan haura rabin kilo kawai. Wasu injinan ɗuri suna nuna lita da kilo duka. Idan aka nuna maka 12.5 a gurbin lita kai kuma kana zaton kilo ne, abin da ka tafi da shi bai wuce kilo bakwai ba. Mai yin haka da gangan ba shi da bambanci da mai dukan gindin mudu a kasuwar hatsi, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san akwai sura guda, Suratul Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye awo. Laifin ma ya fi na mai mudu nauyi ta wata fuska, domin hatsi ana ganinsa, shi kuwa wannan a cikin ƙarfe yake a rufe, amana ce zalla. Kuma kilo ɗaya da rabin da ya rage ba a aljihun maigida kaɗai yake tsayawa ba, yana komawa gida ya zama baƙar magana a kan matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A Najeriya akwai sashen kula da ma'auni a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, akwai kuma hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa, wadda ke ba masu wannan harka lasisi. Amma jami'i ba zai tsaya a kowane shago ba. Mai saye ne ke wurin a lokacin ɗuri.

Haka kuma, in mai ɗuri ya ce zai yi maka gyara ya zuba fiye da abin da aka rubuta, kada ka karɓa. Da gangan ake barin wajen kashi ɗaya cikin biyar na cikin tukunya babu ruwan gas, saboda yana kumbura idan ya ji zafi, kuma mun san zafin Afrilu a ƙasar nan. Nauyin da ya haura jimillar TW da kilon tukunya hatsari ne ka ɗauko zuwa gida.

Akwai wani ɓarawo kuma da lissafin nan ke tonawa. Idan ɗuri ya cika, awoyin girki ba su ƙaru ba, amma tukunyar da ke yin kwana 26 ta koma yin 18, to gas na fita ta wata kafa. Kada a tsaya faɗa. A kaɗa ruwan sabulu a shafa a bakin tukunya, da regileta, da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Inda kumfa ke tashi, nan ne. Ba a gwadawa da ashana. Warin da muke ji ma da gangan ake zuba shi a cikin gas domin hanci ya faɗakar da mu. Wuta mai launin ɗorawa da ke baƙanta gindin tukunya ita ma alama ce ta cewa kan murhu ya toshe ko iska ba ta isa, ana ƙona gas ba a samun zafinsa. Shuɗiyar wuta ake so, wadda ba ta leƙo gefen tukunyar girki ba.

Agogon matsi da ake sayarwa tare da wasu regiletoci kuwa, kada a dogara da shi wajen sanin abin da ya rage. Muddin akwai ruwan gas a ciki, matsin kusan ɗaya ne, tukunya cike take ko saura kwata, zafin gari ne ma ke motsa allurar. Sai dab da ƙarewa take faɗuwa, lokacin da sanin ba shi da sauran amfani.

Malam ya koma wurin mai ɗurin da takardarmu a hannu. Bai yi hayaniya ba, ya ce a ɗora a gabansa daga yau, mutumin kuma ya yarda. A gida ya sayi ƙaramin sikeli na rataya, ita kuma ƙanwata ta fara jiƙa wake tun dare da rufe tukunya in tana dahuwa, abin da ya rage mata kusan rabin awa a ranakun wake. Da na leƙa su bayan wata biyu, takardar tana nan a bangon madafa, an rubuta ranar ɗuri, da 26.7, da ranar da ake sa ran ƙarewa. Ta ce mini, "Yaya, ranar da muka dawo daga awon nan, sai da ya ce in yafe masa."