Roƙo Muke Yi, Ba Labari Muke Ba Allah Ba

A daren Mauludi, a wata unguwa nan Diffa, na ji ɗalibi yana rera waƙar tuba daga takardar fotokopi. An rubuta "Allah ya gafarta mana", shi kuwa ya ja wasalin: yaa gafarta. Jama'a suka ce amin. Amin ga me? Da gajeren wasali da sauti ƙasa, yà gafarta, roƙo ne. Da dogon wasali da sauti sama, cewa ka yi an riga an gafarta. Ga kuma karin waƙar ya karye, don gaɓa marar nauyi ta zama mai nauyi.

Masu cewa "ai Bahaushe zai gane" su zo bakin Komadugu. Yawancin masu rerawarmu da Barbarci suka buɗe baki, kunnensu ba zai cike abin da alƙalami ya zubar ba. Malamanmu na ajami ma suna jan wasali da alif, wau da ya. Boko ne ya yi ƙiwa.

Ban ce a cika shafi da alamomi ba, fotokopi na cinye su. A ninka dogon wasali ko'ina, alamar sauti kuwa sai inda ma'ana za ta juya.