Sunan gaskiya shi ne mai farawa da xn--

A shekarar 2010 Masar ta shiga sahun ƙasashen farko da suka samu sunan yanki na intanet da haruffan Larabci: مصر. Sai dai tsarin DNS, wanda ke haɗa suna da adireshin na'ura, bai san wannan rubutu ba. Sunayen da aka saba yi wa rajista a cikinsa haruffan a zuwa z ne, da lambobi, da karan ɗori. Abin da ke rubuce a rajista shi ne xn--wgbh1c. Ra'ayina shi ne duk mai gina manhaja ko kula da shafin ma'aikata ya ɗauki wannan siffa a matsayin sunan gaskiya, ɗayar kuwa riga ce ta nuna wa mai karatu.

Ga yadda ake juyawar. Ana raba suna a kowane ɗigo, a daidaita haruffan kowane ɓangare, sannan a bi da shi ta dabarar Punycode. Kowane harafi yana da lamba a Unicode. A cikin مصر, mafi ƙanƙantar lamba ita ce ta ر, wato 1585. Ƙirga yana farawa daga 128, inda ASCII ya ƙare, saboda haka tazarar ta zama 1457, wadda ake rubutawa wgb. Ragowar, h da 1c, suna ɗauke da tazarar ص da م tare da gurbin kowannensu a kalmar. Daga ƙarshe a liƙa xn-- a gaba. Kana iya gwadawa:

```
python3 -c 'print("مصر".encode("idna"))'
b'xn--wgbh1c'
```

Me ya sa na dage? Na farko, iyakar haruffa 63 ta kowane ɓangare a kan siffar ASCII ake ƙirga ta, don haka sunan da ya yi gajere a ido yana iya zarce ta. Na biyu, ido yana ruɗuwa. A 2017 wani mai bincike ya yi rajistar xn--80ak6aa92e.com, wanda wasu manhajojin lilo suka nuna tamkar apple.com, alhali duk haruffansa na rubutun Sirilik ne, irin na Rashanci. A fuska tagwaye ne, a siffar ASCII ba su haɗa komai ba.

Za a ce wannan ya mayar da rubutun wasu al'ummu ɗan bora. Akwai gaskiya a ciki, domin ƙ da ɗ da ɓ namu ma sai sun bi ta wannan ƙofa, in mai rajistar ya yarda da su. Amma sauya DNS na duniya baki ɗaya ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Don haka a nuna wa mutum sunan da rubutunsa, amma wajen adanawa da kwatantawa da toshe shafin damfara, a riƙe siffar xn--.